Busasshen jini a zanin gado: a fara da ruwan sanyi da gishiri kafin sabulu

Assalamu alaikum, Anti. Ɗana mai shekara bakwai yana yawan yin haɓo cikin dare tun da hunturun nan ya kama. Kwanakin baya ya ɓata mini farin zanin gado, na wanke da ruwan zafi da sabulu, na shanya na goge, amma tabon ya koma ruwan ƙasa ya zauna daram. Yanzu kuma na tsinci wani zanin da ya naɗe ya ɓoye a bayan gado saboda tsoron faɗa, ina jin ya kai kwana huɗu, jinin ya bushe ƙayau, faɗinsa kamar tafin hannu. Duka biyun na auduga ne, kuma suna cikin kayan ɗakin da mahaifiyata ta yi mini, ba na son in rasa su. An ce in gwada gishiri. Don Allah yaya zan yi?

Wata uwa, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar uwa. Allah ya ba yaro lafiya. Ki kwantar da hankalinki game da zanin da kika tsinta daga baya, domin duk da ya kwana huɗu, ya fi na farkon sauƙin gyaruwa nesa ba kusa ba, tunda har yanzu zafi bai taɓa shi ba. Abin da nake roƙon ki kafin komai shi ne kada ki kusantar da shi ga ruwan zafi, ko dutsen guga, ko sabulu, sai kin karanta wannan amsa zuwa ƙarshe.

Bari in fara da dalilin, saboda idan kika fahimce shi ba za ki sake buƙatar wani ya tuna miki matakan ba. Jini ba irin dattin miya ko na maiƙo ba ne. Idan aka cire ruwan da ke cikinsa, yawancin abin da ya rage furotin ne, kuma jan launinsa yana fitowa daga wani nau'in furotin mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Furotin kuwa zafi yana dafa shi. Ki lura da ɗanyen ƙwai: idan ya zube a kan tsumma, ruwan sanyi yana wanke shi tas, amma da zarar ya ji zafi ya daskare, babu ruwan da zai sake narkar da shi. Haka jini yake yi a cikin zare. Auduga kuma zarenta mai shan ruwa ne sosai, jinin ba a samansa kawai yake tsayawa ba, yana shiga ciki, saboda haka idan aka zuba masa ruwan zafi ana dafa shi ne a inda ya shige, ya manne da zaren. Bushewa a iska dabam take da wannan. Jinin da ya bushe ya yi tauri, iska ta mayar da launinsa ruwan ƙasa, amma mafi yawansa yana iya sake jiƙewa ya saki, muddin an ba shi ruwa mai sanyi da isasshen lokaci.

Game da sanyin ruwa akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Ba a buƙatar ƙanƙara ko ruwan firji, ruwan randa ko wanda aka ɗebo daga rijiya da safe ya wadatar. Abin da ya kamata ki yi hattara da shi shi ne ruwan famfon da ke saukowa daga tankin da ke saman gida, musamman baƙin tanki, domin da tsakar rana yakan yi zafi sosai, balle idan aka shiga watannin Maris da Afrilu. Haka kuma idan kika jiƙa zanin kika bar robar a tsakar gida rana tana dukanta, ruwan da kika zuba da sanyinsa zai ɗumame ba ki sani ba. Ki tsoma hannu ki ji, idan ruwan ya fi jikinki sanyi a fili to ya yi, sannan ki ajiye robar a inuwa ko a cikin banɗaki.

Ki warware zanin ki shimfiɗa wurin tabon a kan wani abu mai tauri, kamar bayan faranti ko tire. Idan jinin ya yi ɓawo a sama, ki sa bayan cokali ki kankare shi a hankali tun yana busasshe, ki kakkaɓe garin a waje. Duk abin da ya fita a wannan mataki ba zai narke ya koma cikin zaren ba. Kada ki yi amfani da wuƙa ko reza, domin za su yanke zare ba tare da kin gani ba, sai bayan wanki biyu ko uku wurin ya ɓule.

Daga nan sai ki juya zanin, ki zuba ruwan sanyi ta bayan tabon, wato ta fuskar da ke kallon katifa lokacin da abin ya faru. Jinin ta sama ya shiga, saboda haka idan ruwa ya biyo ta baya yana tura shi ya fita ta hanyar da ya shigo, maimakon ya ƙara cusa shi ciki. Buta ta fi dacewa da wannan aiki saboda ruwanta yana zuba da ƙarfi a wuri ɗaya. Ki tattara sauran zanin ki riƙe shi sama, ko wani ya riƙe miki, don kada jan ruwan ya gangara kan wurin da yake fari. A tabo mai kwana huɗu kada ki yi tsammanin ganin sauyi mai yawa a nan, ruwan zai ɗan yi ja kaɗan, wurin ya yi laushi, wannan shi ne abin da ake nema.

Sai kuma jiƙon gishiri, wanda shi ne ginshiƙin aikin. A kowace lita ɗaya ta ruwa ki zuba cokalin shayi biyu na gishirin girki, a shafe ba a cike da tozo ba. Idan ba ki da abin awo, ledar ruwan sha ta fiya wata rabin lita ce, don haka cokalin shayi ɗaya ga kowace leda ke nan. Tabo mai faɗin tafin hannu lita biyu ta ishe shi, wato cokalin shayi huɗu a ƙaramar roba, domin wurin tabon kaɗai za ki tsoma, sauran zanin ya zauna a kan kujera ko a bakin bokiti. Ki juya har gishirin ya narke duka kafin ki saka zanin, sannan ki ɗora wani abu mai ɗan nauyi, kamar kofin tangaran, don wurin ya nutse. Ki guji ɗora ƙarfen da ke tsatsa ko jiƙawa a tsohon bokitin ƙarfe, saboda ruwan gishiri yana saurin tayar da tsatsa, kuma tabon tsatsa a farin yadi wata sabuwar wahala ce.

Wannan awo ba haka kawai na zaɓe shi ba. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti yana da giram 9 na gishiri a kowace lita, saboda an daidaita shi da yanayin jinin mutum, kuma cokalin shayi biyu yana kusa da hakan, ya ɗan ɗara kaɗan. Furotin ɗin jini yana narkewa da kyau a ruwa mai ɗan gishiri irin wannan. Idan kuwa gishirin ya yi yawa ƙwarai, har ya kasa narkewa ya kwanta a ƙasan roba, abin yana juyewa, furotin ya dunƙule maimakon ya narke. Shi ya sa ban yarda da shawarar da wasu ke bayarwa ta a juye rabin ledar gishiri a bokiti a bar zani ya kwana a ciki ba. Kuma gaskiyar magana ita ce ruwan sanyi da tsawon jiƙo su ne suke yin mafi yawan aikin, gishiri mataimaki ne. Na faɗi haka ne don kada ki ga tabon bai tafi cikin minti goma ba ki ɗauka gishirin ne ya yi kaɗan, ki yi ta ƙarawa.

Ki bar shi awa ɗaya ba tare da kin taɓa ba. Idan kika dawo za ki tarar ruwan ya sauya zuwa ja-ja ko ruwan shayi marar madara. Ki sa yatsunki ki murza wurin a cikin ruwan, a hankali, kina farawa daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa don kada ya bazu, sannan ki zubar da ruwan ki haɗa sabo da awo iri ɗaya. Sauya ruwan yana da muhimmanci, domin ruwan da ya riga ya cika da jini ba ya ƙara jan wani, kuma idan zanin ya daɗe a cikinsa yakan bar ɗan dishi-dishi a kewayen tabon, inda da fari ne tas. Launin ruwan shi ne ma'auninki. Muddin sabon ruwa yana sauya launi, aiki yana tafiya, ki ci gaba. A tabo irin naki, abin da aka saba gani shi ne ruwan farko ya yi duhu, na biyu bayan awa biyu ya yi haske, na uku kuma a bar shi ya kwana, da safe a tarar tsakiyar tabon ta kusa ɓacewa, sai gefensa da ya rage kamar an zana da fensir. Gefen yakan fi taurin kai saboda a nan jinin ya fi taruwa lokacin da yake bushewa. Kada dai jiƙon ya wuce kwana ɗaya a ruwa guda, musamman lokacin zafi, domin zai fara wari, kuma auduga mai daɗewa a jiƙe tana iya yin baƙaƙen ɗigo na funfuna waɗanda suka fi jinin wuyar fita.

Wannan gefen da ya rage shi ake yi wa kwaɓin gishiri. Ki haɗa cokalin cin abinci biyu na gishiri mai laushi da ruwa kaɗan, kamar cokali ɗaya, ya yi kauri yadda zai zauna a kan yadi ba tare da ya gangara ba. Ki shafa shi a kan layin tun zanin yana da danshi, ki bar shi kamar minti ashirin a inuwa, sannan ki ninka yadin ki goga shi da junansa da sauƙi. A nan aikin gishiri ya bambanta da na cikin jiƙo: ƙwayoyinsa ne suke kankare abin da ruwa ya riga ya tausasa, shi ya sa kwaɓin yake zuwa bayan jiƙo, kuma ba a barinsa ya bushe a jikin zanin. Idan gishirinki mai manyan ƙwayoyi ne, ki daka shi tukuna, kuma idan zanin ya tsufa ya yi shara-shara, ki rage ƙarfin hannu. Burushin wanki mai tauri ba shi da wuri a wannan aiki, yana tayar da gashin zare, wurin ya yi kaushi ya riƙa kama datti har bayan tabon ya tafi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a jinkirta sabulu. Ba wai sabulu yana dafa jini kamar yadda zafi yake yi ba, kuma jinin da bai bushe ba sau da yawa ruwan sanyi da sabulu kaɗai suna fitar da shi. Matsalar ita ce ƙarfin sabulu a kan maiƙo yake, shi kuwa busasshen jini ɓawo ne da ke buƙatar jiƙewa. Wanda ya fara da sabulu yakan ga tabon bai motsa ba, sai ya ƙara ƙarfin cuɗa, ya cusa launin cikin zare ya kuma faɗaɗa shi, daga nan sai zuciya ta raya masa ya ɗora ruwa a wuta. Kumfa kuma tana ɓoye launin ruwan, wanda shi ne kaɗai yake gaya miki ko jinin yana fita. Akwai ƙarin dalili guda: sabulun sanda da gishiri ba sa jituwa. A ruwan gishiri sabulu ba ya kumfa da kyau, yana tsinkewa ya zama wani farin dusa-dusa da ke mannewa a yadi. Saboda haka idan kin gama da gishiri, ki ɗauraye wurin sau biyu ko uku da tsabtataccen ruwan sanyi har gishirin ya fita duka, sannan sabulu ya shigo.

Idan lokacinsa ya yi, garin sabulun wanki ya fi sabulun sanda amfani a nan, musamman irin wanda aka rubuta a jikin ledarsa cewa yana ɗauke da sinadaran da ke narkar da tabon furotin, wato su inzayim. Ki narkar da shi a ruwan da bai wuce ɗumin jiki ba, ki jiƙa wurin rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan ki wanke zanin gaba ɗaya yadda kika saba. Kafin ki shanya, ki ɗaga wurin ki duba shi a hasken rana ta fuska biyu. Jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye tabo marar ƙarfi, don haka idan kina shakka ki shanya a inuwa ki sake dubawa bayan ya bushe. Idan akwai saura, ki koma jiƙo, babu abin da ya ɓaci. Kada ki sa bula ko sitaci, kuma kada dutsen guga ya hau wurin, sai kin tabbatar babu ko alama. Bayan haka ki shanya shi a rana yadda kike so, rana tana ƙara wa farar auduga haske.

Wani lokaci bayan duk wannan sai ɗan rawaya-rawaya ya rage. Tunda zaninki fari ne, za ki iya sayen haidirojin a kemis, wanda ake wanke ciwo da shi. Ki duba ƙarfinsa a jikin kwalbar: idan kashi 3 cikin ɗari ne ki yi amfani da shi yadda yake, idan kashi 6 ne ki haɗa shi da ruwa daidai wa daida. Ki ɗiga kaɗan a kan wurin, ki bar shi minti biyar, ki ɗauraye da ruwan sanyi sosai, ki maimaita idan da buƙata. Yakan yi kumfa idan ya haɗu da jini, amma a tsohon tabo kumfar tana iya yin kaɗan, wannan ba ya nufin ba ya aiki. Ga masu zani mai launi ko mai zane, dole a fara gwada shi a cikin kalmasar gefe inda ba a gani, domin yana iya koɗar da launi. Bilic kuwa ban ba ki shawarar farawa da shi ba, saboda a kan tabon furotin yakan bar wurin ya yi rawaya, kuma idan ya yi ƙarfi yana cin zaren auduga. Idan har kin yi amfani da shi daga baya don haskaka zanin, kada ki taɓa haɗa shi da lemon tsami, ko ruwan khal, ko wani maganin wanki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Shi kuwa zanin farko, ba zan yi miki alkawarin zai koma kamar sabo ba. Ya sha zafi sau biyu, na ruwa da na guga, kuma abin da ya dahu a cikin zare gishiri ba ya warware shi. Jiƙon gishiri ba zai cutar da shi ba, amma idan kika jiƙa kika ga ruwan bai sauya launi ko kaɗan ba, kin samu amsa, kada ki ɓata kwanaki a kai. Ki wuce kai tsaye zuwa garin sabulu mai inzayim, ki jiƙa wurin na tsawon awanni a ruwa mai ɗan ɗumi, ki ɗauraye, sannan ki bi da haidirojin kamar yadda na bayyana. Idan abin da ya rage mai launin tsatsa ne, to sauran sinadarin ƙarfen jinin ne, kuma shi tsami yake jin tsoro: ki matsa lemon tsami a wurin, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki ajiye a rana kamar awa ɗaya ba tare da ya bushe ƙayau ba, sannan ki ɗauraye sosai don kada tsamin ya zauna ya raunana zaren. Wannan ga farin yadi ne kawai. Ki yi zagaye biyu ko uku a ranaku dabam-dabam. Sau da yawa tabon yana dusashewa har sai wanda ya san wurin ne zai gane shi, kuma idan ya kai haka ina ganin ya fi kyau ki tsaya, domin ci gaba da zuba magunguna zai sa ki rasa zanin ta hanyar yagewa.

Akwai maganar kariya da ba zan tsallake ba, ko da yake jinin ɗanki ne. Duk mai wanke jinin wani, kamar mai jinyar marar lafiya ko mai wankau, ya sa safar hannu ta roba, musamman idan yana da yanka ko tsagewar fata, abin da ya zama ruwan dare a hunturu. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye, kuma ruwan sanyi da gishiri suna cire tabo ne kawai, ba sa kashe ta. Idan an san mai jinin yana ɗauke da irin wannan cuta, a jiƙa kayansa dabam, a zubar da ruwan a masai, kuma bayan tabon ya fita a wanke zanin da ruwan zafi da sabulu, domin a wannan lokaci zafi ba shi da sauran abin da zai dafa.

Tunda haɓon yana maimaituwa, ki shirya masa. Ki shimfiɗa leda ko tsohon zani mai kauri tsakanin katifarsa da zanin gado, ki ajiye buta da ruwa kusa, saboda jinin da aka zuba wa ruwan sanyi kafin ya bushe yakan fita cikin 'yan mintuna ba tare da gishiri ba ma. Ki kuma zaunar da yaron ki nuna masa cewa ba laifinsa ba ne, ya tashe ki duk lokacin da abin ya faru, domin ɓoyewar ta fi tabon hatsari: kina buƙatar sanin sau nawa yake zubar da jini da kuma yawansa. Busasshiyar iskar hunturu tana tsattsaga fatar cikin hanci, kuma yara da yawa suna fama da haka. Idan ya fara, ki zaunar da shi ya ɗan sunkuyar da kai gaba, ki matse tattausan ɓangaren hancin na minti goma ba tare da saki ba, kada ya ɗaga kai sama jinin ya gangara maƙogwaro. Idan jinin ya ƙi tsayawa bayan minti ashirin, ko haɓon yana zuwa sau da yawa a mako, ko kin ga yaron ya ɗashe, yana saurin gajiya, ko dasashinsa ma yana jini, ki kai shi asibiti a duba shi ba tare da jinkiri ba.